Yadda Za Ki Gyara Saƙon Broadcast Ɗin Da Kwastomomi Ke Sharewa A WhatsApp

Masu sana'ar onlayin a Zariya, musamman mata masu saida atamfa da leshi da mayafai daga gida, kukan kusan ɗaya ne: an tura broadcast wa mutum ɗari biyu, an zauna ana duba waya har la'asar, ba wanda ya ce ko nawa ne. Sai a ce ai garin ne ba kuɗi. Eh ba kuɗi kam, amma sau da yawa saƙon ne ke da matsala, ko dai bai isa ba sam, ko ya isa da kamannin saƙon 'yan damfara. Da ke nake magana 'yar uwa, amma maza masu shago a Sabon Gari ku ma ku matso.

Kafin ki taɓa ko harafi ɗaya, fara duba ko saƙon ya ma shiga wayar mutane. Broadcast yana ɗaukar mutum 256 a jeri ɗaya, amma wanda ya ajiye lambarki a wayarsa ne kawai zai samu, wanda bai ajiye ba ko sau nawa kika tura ba zai gani ba. Ki buɗe broadcast ɗin, ki danne saƙon ki riƙe, ki shiga Info. Za ki ga Delivered to, waɗanda ya shiga wayarsu kenan, da kuma Read by, waɗanda suka buɗe. Sunan da aka kwana biyu bai fito a ko ɗaya ba, mafi yawanci mai shi bai da lambarki ne, ko wayar a kashe take, ko kuma ya yi miki Block. Waɗannan gyaran rubutu ba zai amfane su ba. Idan kin san su, ki yi musu magana kai tsaye ki ce don Allah su ajiye lambarki, idan kuma daga guruf ɗin biki ko na 'yan makaranta kika kwaso lambobin to ki cire su kawai, ba kwastomominki ba ne. Ki dai lura wasu suna kashe alamar karantawa, so ba kowa ne da ya karanta zai fito a Read by ba.

To yanzu waɗanda ya isa gare su amma suka yi gum. Mu ɗauki misalin mai saida atamfa a Tudun Wada, ga irin abin da take turawa:

"GAGARUMAR BONANZA!!! Ya ku kwastomominmu masu daraja, muna farin cikin sanar da ku cewa sabbin kaya sun sauka, atamfa, leshi, shadda, mayafai, takalma, jakunkuna, turaruka da sauransu a farashi mai rahusa. Kar ku bari a ba ku labari!!! Ku danna nan, ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki."

Sannan hotuna goma sha biyu su biyo baya, wayar mutum na ta ƙara kamar za ta fashe.

Ki karanta shi da idon wadda ke tsakiyar girki saƙon ya shigo. A saman waya layin farko kawai take gani, kuma layin farkon nan bai faɗi ko waye ba. Manyan baƙaƙe, alamar motsin rai uku uku, "danna nan", "tura wa wasu", ai wannan shi ne sak fasalin saƙonnin nan na ƙarya da ake yaɗawa wai ana rabon data kyauta ko tallafi. Mutane sun sha, sun koyi gudu. In kuma daga wani wuri kika turo shi har alamar Forwarded ta fito a kai, shi kenan, an san ba don ita aka rubuta ba. Kullum ki rubuta sabo ko ki kwafa ki manna.

Gyara na farko, layin farko ya ɗauki sunanki da unguwarki, yadda aka san ki. Ba sunan kamfani mai tsawo da kika laƙa wa sana'ar ba wanda ko ƙanwarki ba ta haddace ba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne broadcast yana sauka ne a hirarku ke da ita kaɗai, a ƙasan maganar da kuka yi ta ƙarshe, ba ta ganin sauran waɗanda aka tura wa, kuma in ta ba da amsa ke kaɗai za ki gani. To me ya kawo "ya ku kwastomominmu"? Yi mata magana kamar ita kaɗai ce, da sallama, yadda za ki yi in kun haɗu a ƙofar gida.

Na biyu kuma shi ne wanda masu sana'a suka fi ƙi: kaya ɗaya, da kuɗinsa a rubuce. Na san dalilin ɓoye farashi, ana so a tambaya a samu ƙofar ciniki, kuma ana tsoron makwabciya mai irin sana'ar ta gani ta karya. Amma mace da yawa ba za ta tambaya ba saboda kunyar a faɗa mata kuɗin ta kasa saya, gara ta yi shiru abinta. In ta ga kuɗin da kanta ta auna da abin da ke hannunta, wadda ta amsa ma kin san da gaske take. "Farashi mai rahusa" ba farashi ba ne. Jero kaya kala bakwai kuma yana sa ido ya wuce bai tsaya a kan ko ɗaya ba, sauran ki bar su a Status ko a Catalog in kina amfani da WhatsApp Business.

Ga saƙon bayan gyara, kuɗin misali ne kawai, ki sa naki:

"Assalamu alaikum Hajiya, mai atamfa ce ta Tudun Wada. An kawo min atamfa mai ruwan toka da ja, ga hotonta, turmi N14,500, guda takwas ne. Ina aikawa Samaru, Kongo da cikin gari, kuɗin kai wa daban. In kina so ki rubuto min INA SO in ajiye miki zuwa gobe da yamma. In kuma ba kya son irin wannan saƙon ki faɗa min in daina, ba komai wallahi."

Hoto ɗaya tak, wanda kika ɗauka da wayarki a hasken rana, rubutun kuma a ƙasan hoton don su tafi tare. Babu linki. Gajerun linkin nan da ba a gane inda za su kai mutum su ne suka fi tsorata mutane, kuma lambar akawun ma ki bari sai an yi ciniki. Guda takwas ɗin nan kuwa ya zama gaskiya ne, Zariya ba ta da girman da za ki ce saura biyu yau a gan ki da su wata mai zuwa ba a gane ba.

Layin ƙarshen kar ki cire shi don tsoron a ce a daina. Wadda ta gaji da saƙonki kuma ba ki ba ta hanyar fita ba, Block ko Report za ta danna, kuma in rahoto ya yi yawa a kan lamba WhatsApp na iya rufe ta, da duk kwastomomin da kika tara a kai. Wadda ta ce a cire ta, cire ta a ranar.

Tunda kin ce Hajiya, dole ki raba jerin, kar saƙon ya faɗa wayar wani Alhaji mai sayen shadda. Ki yi na masu atamfa daban, na ɗaliban ABU masu sayen mayafai da abaya daban, su kam in an tafi hutu ki ɗaga musu ƙafa. Fara gwada sabon saƙon a kan mutum kamar talatin da suka taɓa saya a hannunki, bayan isha'i lokacin da an gama hidimar gida, kuma ba fiye da sau biyu a sati ba. Washegari ki koma Info. In an karanta ba a amsa ba, ki duba kayan ko kuɗin, in kuma ya isa ba a ma buɗe ba, layin farkon ne za ki sake.