Yadda ake mayar da waƙar ƙirga ta yara zuwa Hausa ba tare da tafi ya lalace ba

A wasan tafi hannu ne jagora, baki binsa yake yi. Yara biyu da suka fuskanci juna suna tafawa ba ruwansu da ko ma'anar waƙa ta yi daidai da ta asali. Damuwarsu ita ce kalma ta sauka daidai lokacin da hannu ya haɗu da hannu. Don haka mai son mayar da waƙar ƙirga zuwa Hausa abu uku zai riƙe: yawan tafi, jerin lambobi da amsa-amo. Labarin da ke cikin waƙar kuwa, in ya ƙi shiga, a bar shi a samo wani.

Fara da ƙirga tafi kafin ka taɓa kalma ko ɗaya. Sa mutum biyu da suka iya wasan su yi shi a gabanka da baki rufe, kai kuma ka riƙa zana layi a takarda duk sanda hannu ya yi ƙara. Mu ɗauki irin waƙar da aka fi samu a Turanci: kowane ɗango yana buɗewa da lamba biyu, sai gajeriyar magana da ƙarshenta ya yi amo da lamba ta biyun. A ce ka ƙirga ka samu tafi takwas a kowane ɗango: na ɗaya yarinya ta tafa hannunta, na biyu ta buga dama da damar abokiyarta, na uku nata, na huɗu hagu da hagu, na biyar nata, na shida dama, na bakwai nata, na takwas hannu biyu gaba ɗaya. Huɗun farko na lambobi ne, huɗun ƙarshe na magana. Wannan zanen shi ne ma'auninka, kuma daga nan ba za ka ƙara masa ko ka rage ba.

Sai lambobi. A Turanci, daga ɗaya zuwa goma, kowace lamba gaɓa ɗaya ce in ban da bakwai. A Hausa duka goman gaɓa bibbiyu ne: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu, bi-yar, shi-da, ba-kwai, ta-kwas, ta-ra, go-ma. Da yawa kan cusa kowace lamba cikin tafi ɗaya, kuma abin yakan tafi lafiya har zuwa huɗu, saboda waɗannan gaɓoɓinsu duk gajeru ne. Ana zuwa biyar sai ka ji an yi tuntuɓe. "Yar" gaɓa ce mai nauyi, tana cin lokacin gajeru biyu, haka ma "kwai" da "kwas", haka "go" ta goma. Maganin shi ne ka ba kowace gaɓa tafinta: ta farko a tafin kai, ta biyu a bugun abokiya. Da haka "yar", "kwai" da "kwas" za su faɗa kan bugun abokiya, inda hannu kan ɗan daɗe kafin ya dawo, su samu wurin miƙewa. Wanda a bakinsa "shidda" ce ba "shida" ba, shi ma bai fita daga ma'auni ba.

Aikin gaske yana cikin tafi huɗun ƙarshe. Ƙa'idar da za ka bi ita ce tafi ɗaya yana ɗaukar gaɓa mai nauyi guda, ko gajeru biyu. Gaɓa mai nauyi ita ce mai dogon wasali, kamar "ko" a kowa, ko mai tagwan wasali kamar "hau", ko wadda baƙi ya rufe kamar "han" a hannu. Gajeriya ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "da". Tunda rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ido ba zai taimake ka ba, sai ka furta kalmar a hankali ka saurara. Gaɓar ƙarshen ɗango ce kaɗai ke da 'yanci, ko gajeriya ce za ta iya riƙe tafi ita kaɗai, domin bayanta numfashi ake ja.

Ga abin da ke faruwa in aka bi fassara kai tsaye. A ce ɗangon farko na asali yana maganar kyanwa da ta hau kujera. Ka rubuta "ɗaya, biyu, kyanwa ta hau kan kujera". Ƙirga: kyan-wa-ta-hau-kan-ku-je-ra, gaɓa takwas, bakwai daga ciki masu nauyi. Wannan na neman tafi bakwai ko takwas, kai kuma huɗu gare ka. Sannan "kujera" ba ta da wata alaƙar amo da "biyu". Ko ka datse ta koma "kyanwa ta hau", tafi ya cika amma amo ya ɓace. A nan ne ake sallamar kyanwa.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara gini daga ƙarshe. Rubuta lambobin da ke rufe kowane rabi, wato biyu, huɗu, shida, takwas, goma, ka nemo wa kowace kalmar da gaɓarta ta ƙarshe ta yi daidai da tata, baƙi da wasali, ba wasali kaɗai ba. Biyu ta samu "jiyu", huɗu ta samu "haɗu", shida ta samu "gida", goma ta samu "koma". Takwas ce mai gardama, don kalmomin da ke ƙarewa da "as" ba su da yawa, galibinsu kuma irin su "tas" da "laƙwas" ne. Amma akwai "gabas", wadda ta zo daidai da takwas ta kowace fuska: gajeriya sannan mai nauyi, murya ta fara sama ta sauko. Da ka samu wutsiyar, sai ka cike gabanta da abin da ya rage na tafi:

Ɗaya, biyu, tafi ya jiyu
Uku, huɗu, hannu ya haɗu
Biyar, shida, kowa da gida
Bakwai, takwas, juyo ta gabas
Tara, goma, tashi mu koma

Gwada ɗangon farko a kan zanenka. "Ta" a tafi na biyar, "fi" a na shida, dukansu dogaye. "Ya-ji" gajeru biyu ne, su raba na bakwai. "Yu" ta sauka a na takwas, lokacin da hannu biyu suka haɗu. Ɗango na biyu, na uku da na huɗu duk wannan sawun suke bi: han | nu | ya-ha | ɗu, ko | wa | da-gi | da, ju | yo | ta-ga | bas. Na biyar ne ya sauya, ta | shi-mu | ko | ma, kuma da gangan ne, domin goma ita kaɗai ce cikin lambobin take fara da nauyi, "koma" kuma ta kwaikwaye ta. Sauyin yana sanar da kunne cewa an zo ƙarshe, maganar kanta kuma tana mayar da yara farko don a sake da sauri.

Akwai wani tarko da ya fi cunkoso wuyar ganewa, shi ne ƙarancin nauyi. A ɗango na uku abin da zai fara zuwa baki shi ne "mu tafi gida". Hausa ce mai kyau, amon ma ya yi. Sai dai gaɓoɓin gajeru ne a jere: mu-ta | fi-gi | da, tafi uku ke nan, saura ɗaya babu mai riƙe shi. Yara ba za su bar hannu ya buga a shiru ba, za su ja wata gaɓa su cike gurbin, kuma sau da yawa "ta" ce za ta sha jan. Da an ja ta, "tafi" na tafiya ya fara kama da "tafi" na hannu. Haka "dafa" ta girki za ta koma "dafa" ta ɗora hannu a kafaɗa in aka ja gaɓarta ta farko. Don haka kada ka bar gajeriyar gaɓa ita kaɗai a kan tafi a tsakiyar magana. Lambobi ne kawai ke jure wannan, tunda ko an ja "ɗa" ta ɗaya babu wanda zai ɗauke ta wata kalma.

Game da muryar waƙar asali, shawarata a ajiye ta. Hausa na da karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta, kuma muryar da aka ƙera don wani harshe za ta riƙa ɗaga gaɓar da ya kamata ta sauka. Uku, shida, bakwai, takwas, tara da goma duk daga sama suke saukowa, biyar daga ƙasa take hawa, ɗaya, biyu da huɗu kuma a sama suke tsaye. In ka bar yara suka rera bisa yadda kalmomin ke fita a magana, wata murya za ta fito da kanta. A wannan ma'aunin ɗango na uku ne mafi rauni a misalinmu, saboda shida ta ƙare ƙasa, gida ta ƙare sama. Ni dai na bar shi haka, don amon baƙi da wasali ya riƙe shi, amma wanda ya samu kalmar da ta fi, ya sa.

In waƙar asali ta wuce goma, kada ka ce "goma sha ɗaya", gaɓa biyar ce. Ka ce "sha ɗaya": "sha" doguwa ce ta riƙe tafin kai, "ɗaya" ta shiga bugun abokiya. Za a ɗan matsu a sha biyar, sha bakwai da sha takwas, shi ya sa tsayawa a goma ya fi tsafta.

Gwaji na ƙarshe ba a takarda ake yinsa ba. Koya wa yara biyu da baki, su yi sau uku a hankali, sannan ka ce su riƙa ƙara sauri duk sanda suka kai "tashi mu koma". Ka sa ido a hannu, ka sa kunne a baki. In ka ga hannu ya tsaya a iska yana jiran kalma ta ƙare, gaɓoɓi sun yi yawa a wurin. In ka ji an ja wasali ko an saka "e" ko "dai" da ba ka rubuta ba, akwai tafin da ba shi da mai riƙewa. In kullum a wuri ɗaya suke haɗiye gaɓa ko su fashe da dariya su tsaya, duba ko baƙaƙe masu wuyar furtawa sun yi karo, irin su "ƙ" da "ts" a jere cikin tafi ɗaya. Wani lokaci kuma za ka ji sun canza kalma da kansu, "juyo ta gabas" ta koma "dubo ta gabas" ba tare da sun lura ba. Auna tasu a kan zanen, in ta cika tafi huɗu kuma amo bai gushe ba, goge taka ka rubuta tasu.