Kurakuran sitayil da ake yi in an haɗa babobin mutane daban-daban a Word

Mutum uku sun rubuta babi uku, kowa a fayil ɗinsa, ka haɗa su wuri ɗaya sai ka ga rubutu ya rikice, wani wuri haruffa sun ƙara girma, wani wuri tazarar layi ta canza, Table of Contents kuma babi ɗaya kawai ya nuna. Ba baros mai lalata kwamfuta ba ne, kuma fayil bai lalace ba. Rikicin sitayil ne, wato tsarin kamannin rubutu mai suna da ake ɗora wa kanu ko sakin layi.

Abin da ke faruwa shi ne, Word da suna yake gane sitayil. In babin da ka shigo da shi yana da Heading 1 kuma babban fayil ma yana da Heading 1, to na babban fayil ne ke cin nasara, na baƙon a watsar da shi. In kuwa sunan sabo ne, sai ya shigo ya zauna kusa da na gida, yanzu kana da sitayil biyu masu aiki ɗaya.

Misali: marubuci na farko ya sa Heading 1 a kan babinsa. Na biyu ya ƙirƙiri nasa ya sa masa suna Kan Babi. Na uku bai ma san da sitayil ba, Normal ya bari ya danna Bold ya ɗaga girma zuwa 16. A ido duk iri ɗaya ne, amma Table of Contents yana tsinto Heading 1 zuwa Heading 3 ne, shi ya sa na farko kaɗai ya fito.

Kuskuren da aka fi yi shi ne bin su ɗaya bayan ɗaya ana gyarawa da hannu, wannan a ƙara masa girma wancan a canza masa nau'in haruffa, wallahi ƙara jagwalgwala abin kake, don gobe in an ce a canza kamannin kanun duka sai ka sake bin su daga farko. Ka fara danna Ctrl+Alt+Shift+S ka ga jerin sitayil ɗin, in ka ɗora kasa, wato ɗan sandan nan mai ƙyaftawa inda kake rubutu, a sakin layi ka danna Shift+F1 zai nuna maka wane sitayil ne a kansa da abin da aka lafta masa da hannu.

Kuskure na biyu, a ga Kan Babi a jeri a goge shi kai tsaye. Da ka goge, duk kanun da ke kansa sun koma Normal, sun saje da sauran rubutu, nemo su ya zama aiki. Musanya ake fara yi. Danna Ctrl+H, sai More, ka sa kasa a Find what ka shiga Format, Style ka zaɓi Kan Babi, a Replace with ka zaɓi Heading 1 ta wannan hanyar, akwatunan biyu ka bar su fayau ba rubutu, sai Replace All. Bayan nan ne za ka goge shi. Na marubuci na uku kuwa ka fara danna No Formatting a Find what don share neman baya, sai ka nemo su ta Format, Font, wato Bold mai girman 16, ka ɗora musu Heading 1, sannan Ctrl+Space da Ctrl+Q su share gyaran hannun da ya rage.

Amma a kula da Ctrl+Space ɗin nan. A kan kanu ba komai, in ka zaɓi babi sukutum ka danna shi, duk kalmomin da marubuci ya karkatar da gangan sun miƙe, ba kuma za ka lura ba sai ya kira ka yana faɗa.

Akwai wanda ya fi ɗaure kai: sitayil ɗin baƙo ya shigo da sunansa amma kamanninsa sun canza. Shiga Modify na wannan sitayil ɗin ka duba Style based on. In Normal ne, to gado yake ci, duk abin da marubucin bai saita masa ba daga Normal yake ɗauka. Normal ɗinsa Calibri 11 ne, naka Times New Roman 12 da tazarar 1.5, sai sitayil ɗin ya bi naka. A wannan akwatin dai ka duba Automatically update, in da alama a kai cire ta, ita ce ke sa ka taɓa sakin layi ɗaya duk 'yan uwansa su canza.

Sai Keep Source Formatting wajen mannawa, ni dai ba na ba kowa shawararsa a irin wannan aiki, yana riƙe kamanni ne ta hanyar lafta gyaran hannu, daga baya ka gyara sitayil rubutu ya ƙi motsi. Zaɓi Use Destination Styles, ka shigo da babi ɗaya, ka tsabtace shi, ka yi Update Table ka tabbatar ya fito, ka adana kwafi, sannan ka ɗauko na gaba.