Yadda na gyara takardar shaidar aikina daga otal

Wani otal a Doha inda nake neman aiki ya dawo mini da takardar shaidar aikin da manajana na otal ɗin da na bari ya rubuta. Layi uku ce kacal, wai ni yaro ne mai ladabi da riƙon amana. Ladabin ba shi ya dame su ba.

Na koma wurin manajan na ce, “Ranka ya daɗe, a taimaka a sake ta.” Wannan karon muka buga a takarda mai tambarin otal, da sunana yadda yake a fasfo, domin a da an sa Sani maimakon Muhammad Sani. Muka rubuta muƙamina na mai tarɓar baƙi, watan da na fara da wanda na bari, sai sa hannu, hatimi da imel na ofis.

Ashe imel ɗin suka fi so. Ta nan suka tuntuɓe shi, ya amsa washegari.