Kurakuran da iyaye suka fi yi wajen karanta takardar sakamakon yaro

Yarinya ta kawo takardar sakamakonta ta ƙarshen zango. Mahaifinta ya duba, ya ga ta ci 74 a Tarihi, ya ce madalla. Ya gangara ƙasa ya ga 58 a Lissafi, nan take fuskarsa ta canza, ya fara faɗa. Da ya ɗan matsa ido zuwa layin da ke gefe, inda aka rubuta matsakaicin makin aji, da ya ga abin ba haka yake ba. A Tarihi matsakaicin aji 81 ne, wato tana ƙasa da shi da maki 7. A Lissafi kuwa matsakaicin 46 ne, wanda ya fi kowa ma 71 ya samu, ita ke nan tana cikin na gaba-gaba. Darasin da aka yabe ta a kai shi ne take baya, wanda aka yi mata faɗa a kai shi ne ta yi ƙoƙari.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, ɗaukar maki shi kaɗai a yanke hukunci. Jarrabawa ba ta zama ɗaya. Wani malamin tambayoyinsa na da tsauri kuma yana da ƙauron hannu wajen ba da maki, wani kuma da sauƙi. Saboda haka 58 a hannun wannan na iya fin 74 a hannun wancan nauyi. Gyaran shi ne kowane maki a ajiye shi kusa da abu biyu kafin a ce komai, matsakaicin makin aji a wannan darasin, da abin da yaron ya samu a darasin a zangon da ya wuce. In takardar ba ta nuna matsakaicin aji ba, a tambayi malamin, yana da shi a rajistarsa.

Kuskure na biyu shi ne tsallake ƙananan gidajen da ke gaban jimilla. Makarantu da yawa suna raba makin darasi gida biyu, na ayyukan cikin zango, wato tes da aikin gida da aikin aji, sannan na babbar jarrabawa. Mu ɗauka an ware 40 ga na farko, 60 ga na biyu. Yarinyar nan 58 ɗinta ya fito ne daga 34 cikin 40 da kuma 24 cikin 60. A ayyukan zango ta ci kashi 85 cikin ɗari ke nan, a jarrabawa kashi 40 kacal. Wani yaro a ajin shi ma 58 ya samu, amma nasa 14 ne cikin 40 da 44 cikin 60.

Jimillarsu ɗaya, damuwarsu daban. Ita tana gane darasi lokacin da ake koyar da shi, sai an tara aikin wata uku gaba ɗaya take tuntuɓe. Ko dai ba ta maimaita na baya, ko lokaci ne ke ƙure mata, ko fargaba ce ke kama ta. Akwai kuma abin da iyaye ba sa son ji, wataƙila wani ne ke yi mata aikin gidan. Takardar amsarta ta jarrabawa ce za ta raba gardama. In tambayoyin ƙarshe ne ta bari babu amsa, lokaci ne matsalar. In kuskuren ya taru a kan abin da aka koyar a farkon zango, rashin bita ne. Shi kuwa yaron ya iya karatun, tunda ya ci sama da kashi 70 a jarrabawa. Abin da ya ja shi ƙasa rashin miƙa aiki ne ko fashin ranar tes, kuma gidan da ke nuna kwanakin da ya halarci makaranta zai tabbatar. Wanda ya ɗauko wa wannan yaron malamin lesin ya yi maganin ciwon da babu.

Sai haruffa da matakai. Harafi ba ya da ma'ana ɗaya a ko'ina, kowace makaranta ko hukumar jarrabawa tana da iyakokinta, kuma yawanci ana buga su a ƙasa ko a bayan takardar, wurin da ba kasafai ake dubawa ba. In an ce A daga 70 ya fara, B kuma daga 60 zuwa 69, to mai 69 da mai 70 maki ɗaya ne tsakaninsu duk da harafinsu ya bambanta. Wanda kuma ya tashi daga 60 zuwa 69 ya ƙaru da maki 9, amma B ɗinsa na nan kamar bai motsa ba. Lambobi ma suna yaudara. A makarantun Jamus 1 ce mafi kyau, 6 ce faɗuwa, alhali a jarrabawar kammala sakandare ta Ingila, tun sauyin da aka fara a 2017, 9 ce ƙololuwa, 1 ce ƙasa.

Wasu takardun, musamman na ƙananan azuzuwa, ba sa ba da maki sam, sai matakai, misali ya fara, yana kusa, ya cimma, ya zarce, ko a sa musu 1 zuwa 4. Iyaye kan mai da 3 cikin 4 ta zama kashi 75, su ce da saura. Ba haka ake karanta ta ba. Mataki na 3 na nufin yaro ya iya abin da ake so ɗan wannan ajin ya iya, na 4 kuwa na wanda ya wuce abin da aka nema ne. Abin tambaya a nan shi ne da me ake auna shi, da abin da aka koyar zuwa yanzu, ko da burin ƙarshen shekara? In na ƙarshen shekara ne, mataki na 2 a zangon farko ba abin tayar da hankali ba ne, sai in ya tsaya a nan har zango na uku.

Tambayar "na nawa ka zo?" ita ce aka fi yi, kuma a ganina ita ce mafi ƙarancin amfani. Yaro na iya sauka daga na 5 zuwa na 12 alhali matsakaicin makinsa ya tashi daga 68 zuwa 69, don a tsakiyar aji makin yara a cunkushe yake, maki biyu ko uku kan raba mutum bakwai. Matsakaicin makin yaron kansa ma yana rufe asiri. Mai 90 da 85 da 80 da 35 matsakaicinsa 72.5 ne, lamba mai kyan gani, amma ga darasi guda ya faɗi a ciki. In wannan darasin irin Lissafi ne, da ake gina na gaba a kan na baya, giɓin zai bi shi aji na gaba.

Makarantu ma kan yi kuskure. A haɗa ƙananan gidajen da kai a ga ko sun ba da jimillar da aka rubuta. In an ga sifili ko gida babu komai, a tambaya ko yaron ya zauna ya kasa ne, ko bai zauna ba, ko an manta ba a shigar da makin ba. In za a je wurin malami, a tafi da takardar wannan zangon da ta wanda ya wuce, a nuna masa darasi guda, a ce: "Malam, a nan ta ci 34 a ayyukan zango amma 24 a jarrabawa, ko zan iya ganin takardar amsarta?"