Yadda na gano asalin bindigar da muka gada a Mai Wurno ta Sudan

An ciro ta daga angarib, wato gadon igiya, na marigayi kakanmu, tsatsa ta rufe rubutun jikinta. Wasu suka ce Mauza ce ta Jamus. Faifan tagullar gindinta bai taimaka ba, don alamar runduna ake bugawa a kai.

Kafin komai na ɗauka cewa akwai harsashi a ciki. Na juya bakinta ga tudun yashi, yatsa nesa da kunama. Na danna maɓallin cikin zoben kunama, gidan harsashi ya fito. Na ja sakata baya, na leƙa ɗakin harsashi da tocila, na taɓa da ɗan yatsa, domin tsohon harsashi kan maƙale. Sannan na ɗaga kan sakatar na zare ta, na ajiye daban.

Abin da ya yi aiki: mai da tsumma a zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin hannun sakata, ta dama, sai na goga alli. Ban da sanfefa, tana cinye rubutu. Kambi ya fito, da G.R., ENFIELD, 1917, SHT L.E., III*. Ke nan Lee-Enfield ce ta Ingila, mai cin harsashin .303.

Lambar jikinta ta saɓa da ta bayan hannun sakata, wato an sauya sakatar, don haka ba a harba ta sai maƙerin bindiga ya auna. Da alamar DP aka gani a jikinta, ta fareti ce kawai.

Alhamdulillahi. Hotuna na fara kai wa 'yan sanda kan maganar lasisi, ita tana kulle.