Babi na Huɗu: Karanta Ƙasan Roba Kafin a Zuba Abinci Mai Zafi

Darasi na 1: Ina alamar take?

'Yan uwa ɗalibai, kowa ya ɗauko roba ɗaya daga cikin waɗanda ya zo da su daga gida. Kwano ne, kofi ne, gorar ruwa ce, duk za su yi mana aiki.

Kifa robar, ƙasanta ya dubi sama. A nan alamar take. Da yawanku kuna duba gefe, wajen takardar da aka manna mai hoto da launi, ku ce babu komai. Ba a gefe take ba, a ƙasa take. Kuma ba da tawada aka rubuta ta ba, a jikin robar aka fitar da ita, launinta ɗaya da na robar, shi ya sa take wuyar gani. Ku matsa bakin ƙofa ko taga, ku karkata robar har haske ya bugi ƙasanta. Wanda idonsa ya yi rauni ya shafa da yatsa, zai ji ɗan tudu-tudu. Kada kowa ya ji kunya idan bai gani nan take ba, ko masu karatu sosai sai sun karkata ta.

Abin da kuke nema zane ne mai kusurwa uku, wato alwatika. Yawanci kibiyoyi uku ne ke bin juna, wani lokaci kuma alwatika ce kawai babu kibiya. A tsakiyarta akwai lamba ɗaya, daga 1 zuwa 7. A ƙarƙashinta sau da yawa akwai haruffa, kamar PET ko PP.

Yanzu ga inda ake yawan tuntuɓe. Kafin ka karanta lambar, juya robar har tsinin alwatikar ya dubi sama, haruffan suna ƙasa. Idan ba ka yi haka ba, 6 za ta zame maka 9, alhali babu 9 a wannan tsari. Sannan 2 da 5 suna rikita mai sabon karatu idan robar ta karkace. Ku tuna: 5 tana da hula a kai, wato ɗan layi a kwance a sama, cikinta kuma a ƙasa. Ita 2 layinta a ƙasa yake, a kansa take zaune. Tsini a sama, haruffa a ƙasa, sannan a karanta. Ku faɗa tare da ni sau uku. Madalla. Yanzu kowa ya miƙa wa na kusa da shi robarsa, a sake daga farko: kifa, karkata ga haske, tsini a sama, karanta.

Darasi na 2: Me lambar take faɗa, me ba ta faɗa?

Masu masana'antar roba a Amurka ne suka fito da waɗannan lambobi a 1988, domin masu tara tsohuwar roba su iya ware kowane iri daban kafin a narka. Ke nan lambar sunan irin robar take faɗa. Ba yawan sau nawa za a yi amfani da ita ba ne, kuma ba maki ba ne da za a ce 7 ta fi 1 kyau. Abin da ya fi muhimmanci, ganin alwatika ba shaida ba ce cewa robar ta abinci ce. Bututun ruwa ma yana iya ɗaukar alwatika.

Lamba 1, PET, ita ce gorar ruwa da ta lemo. An yi ta don abin sha mai sanyi. Tana fara laushi tun wajen digiri 70, shi kuwa ruwa sai digiri 100 yake tafasa. Wanda ya taɓa zuba ruwan zafi a gorar lemo ya ga yadda take takurewa ta lanƙwashe. Don haka zoɓo da kunun aya sai sun huce sarai kafin a ɗura.

Lamba 2, HDPE, ita ce ta jarka da manyan bokitai. Lamba 4, LDPE, ita ce ta yawancin leda mai laushi, har da ledar fiya wata. Su biyun ana yin na abinci da su, amma sun fi dacewa da abu mai sanyi ko busasshe. Lamba 4 tana narkewa wajen digiri 110, kusa ƙwarai da zafin tafasasshen ruwa.

Lamba 5, PP, ita ce ta fi jure zafi a cikin robobin da muke yawan gani, ba ta narkewa sai wajen digiri 160. Ita ake nema idan abinci mai zafi ne. Ga dalilin da ya sa nake ta nanata bambancin 2 da 5.

Lamba 3, PVC, da lamba 6, PS, a nisanta su da abinci mai zafi. Lamba 6 ita ce farar robar nan mara nauyi mai kama da soso da ake zuba shinkafa a ciki a wajen biki, da wasu kofuna da cokula da ake yarwa. Zafi da maiƙo suna taimaka wa sinadarin jikinta shiga abinci. Jihar Legas ta hana amfani da irin wannan farar roba a Janairun 2024, ko da yake babban dalilinta toshe magudanan ruwa ne. Lamba 7 kuwa ma'anarta "sauran", tarkace ne na robobi iri-iri, wasunsu na ɗauke da sinadarin da ake kira BPA. Tun da lambar ba ta gaya maka wanne ne a hannunka ba, kada ka zuba mata mai zafi sai in an rubuta ta dace.

Darasi na 3: Kofi da cokali mai yatsu

Akwai wata alama daban, ita ce take magana a kan abinci: zanen kofi mai ƙafa, gefensa cokali mai yatsu. Wannan na nufin wanda ya ƙera robar ya yi ta ne don ta taɓa abinci. Ita ma a ƙasan robar take, kusa da alwatika. Kifa, karkata ga haske, nema.

Me ya sa lamba kaɗai ba ta isa ba? Domin ba roba zalla ake narkawa ba. Ana haɗa ta da launi da wasu sinadarai, wani lokaci da tsohuwar roba da aka tsinto wadda ba a san me ta taɓa ɗauka ba. Bokiti biyu za su iya zama lamba 5 dukansu, ɗaya an yi shi da kayan da aka amince su taɓa abinci, ɗayan an yi shi don fenti. Baƙar leda ma sau da yawa daga tsohuwar roba ake yin ta, baƙin yana ɓoye haɗin.

Mu ɗauki misalin mai sayar da koko da ƙosai da safe. Kayanta uku ne: farin bokitin fenti da ta wanke take zuba koko, tsofaffin gorunan ruwa, da wani kwano mai murfi da take sa ƙosai.

Ta kifa bokitin, tsini a sama, ta ga 5. Sai ta yi murna, ta ce ai Malama ta ce 5 ce ta zafi. A'a, Hajiya, da sauran tambaya biyu. Akwai kofi da cokali? Babu. Me bokitin ya fara ɗauka? Fenti. To ya faɗi. Roba tana shan abin da ya daɗe a cikinta, omo da soso ba sa fitar da shi duka, kokon mai zafi kuma shi zai jawo shi waje. Wannan bokiti na shara ne ko na wanki. Kokon ya koma kula ko tukunyar ƙarfe.

Gorunan lamba 1 ne. Ko da babu kofi da cokali a kansu, mun san don abin sha aka yi su. Amma kokonta da zafinsa yake, don haka su ma ba na koko ba ne.

Kwanon lamba 5 ne, ga kofi da cokali, kuma sabo ta saye shi. Ya ci tambaya uku. Duk da haka ta tsame ƙosai a matsami ya tsane tukuna, domin man suya yana kai digiri 170 zuwa 180, ya zarce abin da lamba 5 ke iya ɗauka. Ta kuma kifa murfin ta duba, don sau da yawa lambar murfi daban take da ta kwano.

A nan sai na ɗan yi faɗa. Har yanzu akwai masu zuba manja da ruwan sha a jarkar da ta ɗauki maganin feshi na gona, suna cewa sun wanke da toka sun shanya. Wannan ba tattali ba ne, guba ce ake ba yara a hankali. Jarkar maganin feshi, ta man inji, ta sinadarin wanki, ko wace lamba ke ƙasanta, ba ta komawa ta abinci har abada. Haka masu ƙulla ɗanyen alala a baƙar leda su jefa a tafasasshen ruwa, da masu naɗe tuwo da zafinsa a cikinta. Gwangwanin alala da ganye ba su ƙare a kasuwa ba. Na faɗa a aji, na sake faɗa, kuma har gobe wasu sai su duba gefen roba su ce mini babu alama. A ƙasa take. Kifa ta.

Darasi na 4: Na'urar ɗumama abinci

Masu aiki a gidaje ko gidajen abinci za su haɗu da na'urar da ake kira maikrowef. Tana da tata alamar: layuka masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa, wani lokaci a cikin ɗan akwati. Wasu robobin an rubuta musu microwave safe. Kofi da cokali ba su ne izinin sa roba a na'urar ba, lamba 5 ma ita kaɗai ba izini ba ce. Sai an ga layukan. Idan babu, a juye abincin a faranti na tangaran ko na gilashi. Kwanon silba da na samira ba sa shiga ko kaɗan, ƙarfe tartsatsi yake yi a ciki. Miya mai mai tana zafi fiye da ruwa, ita ce ke barin farin tabo mai kaushi a jikin roba. A ɗaga murfi kaɗan tururi ya fita.

Darasi na 5: Robar da ta tsufa

Robar da ta karce sosai, ta tsage, ta lanƙwashe, ta yi danƙo, ko take wari bayan wanki, a cire ta daga kayan abinci ko da lamba 5 ce.

Aikin gida

Nemo robobi biyar. A littafinka rubuta lambar kowace, ka sa alama idan ka ga kofi da cokali, sannan ka rubuta abin da ta fara ɗauka. Wadda ba ta da lamba, a kawo ta aji mu duba tare.