Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gane Alamun Bugun Zuciya

Jama'a, abin da likitoci ke nufi da bugun zuciya a nan shi ne toshewar ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke kai jini ga tsokar zuciya, galibi saboda gudan jini da ya daskare a inda kitse ya riga ya matse hanya. Bayan minti 20 zuwa 30 da toshewar, ɓangaren tsokar da ya rasa jini yakan fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya farfaɗowa. Shi ya sa duk kuskuren da zan ambata, illarsa ita ce ɓata lokaci.

Mafi yawan mutane suna jiran su ga mutum ya dafe ƙirji ya yanke jiki ya faɗi kafin su yarda cewa zuciya ce. Alhali sau da yawa abin da ake ji nauyi ne ko matsi a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora wa mutum dutse, wanda zai wuce 'yan mintoci bai tafi ba, ko ya lafa ya dawo. Yana iya yaɗuwa zuwa hannu ɗaya ko duka biyun, wuya, muƙamuƙi ko baya, tare da zufa mai sanyi da haki. Gyaran shi ne a daina tambayar maras lafiya ko yana jin "ciwo" kawai, domin da yawa za su ce a'a. A tambaye shi ko yana jin nauyi, matsi ko zafi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanda ake yi da mata da masu ciwon suga. Ko a mata, damuwar ƙirji ita ce alamar da aka fi gani, amma sun fi maza yawan zuwa da tashin zuciya, amai, ƙarancin numfashi, ciwon baya tsakanin kafaɗu, ko kasala mai tsanani da ba ta da dalili. Mai ciwon suga kuwa, idan cutar ta daɗe, takan lalata jijiyoyin da ke isar da saƙon ciwo, har zuciya ta shiga hatsari ƙirji bai ce komai ba.

A ɗauki misalin mace mai shekara 58 da ta shafe shekara 12 tana fama da ciwon suga. Da yamma ta ji zafi a saman ciki, zuciyarta na tashi, zufa ta jiƙa mata riga. 'Yarta ta ce gyambon ciki ne, ta ba ta maganinsa. Da zufar ta ƙi tsayawa, sai aka ce suga ne ya faɗi, aka ba ta abin zaƙi ba tare da awo ba, aka ce ta kwanta zuwa safiya. Kurakurai uku ke nan a jere. Da an auna sugan, da an rabu da shakka: faɗuwar suga ita ce ƙasa da 70 a na'urar da ke awo da mg/dL, kuma alamunta kan ragu cikin kamar minti 15 bayan shan abin zaƙi. Idan awo ya nuna 190, ga zufa, ga haki, to ba faɗuwar suga ba ce, asibiti ya kamata a nufa nan take. Ko da maganin ciki ya kawo ɗan sauƙi, wannan bai wanke zuciya daga zargi ba.

Sai kuma abin da ake yi bayan an gane. Kada maras lafiya ya tuƙa kansa, domin zuciya na iya rikicewa a hanya ya sume; a kira motar asibiti, in babu, wani ya kai shi. A zaunar da shi ya jingina, a lura da lokacin da alamun suka fara. Ana iya ba shi asfirin mai miligiram 300 ya tauna, matuƙar yana cikin hayyacinsa, jikinsa ba ya ƙin maganin, ba ya zubar jini, kuma likita bai taɓa hana shi ba. Asfirin yana rage ƙaruwar gudan jinin ne kawai, ba ya buɗe jijiya, saboda haka kada a sha a zauna jiran sakamako.

Idan an isa asibiti, a faɗa a fili cewa ana zargin bugun zuciya, a ambaci ciwon suga da lokacin da abin ya fara. Ƙa'ida ita ce a yi awon zuciya na ECG cikin minti 10 da isowa. Awon farko yana iya fitowa lafiya alhali matsalar tana nan, don haka likita kan maimaita shi, ya kuma gwada jini sau biyu da tazarar awanni. Kada dangi su matsa a koma gida kafin sakamako na biyu ya fito.